Toshewar Kunne Lokacin Mura: Dalilinta, Maganinta da Alamomin Haɗari

Da zarar hunturu ya kama, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura da hazo sun rufe unguwanninmu daga Nima da Mamobi har Aboabo da Tamale, sai ƙorafi iri ɗaya ya yawaita a gidaje da ƙofofin masallatai: kunne ya toshe. Mutum yana jin kamar an cusa masa auduga, ko kamar ruwa ya shiga masa kunne wajen wanka ya ƙi fita. Idan ya haɗiye yawu sai ya ji "ƙas" ko "fat" a ciki, muryarsa tana dawo masa a kai, maganar mutane kuma tana zuwa masa kamar daga bayan bango. Yawanci abin yana biyo bayan mura ne, ko atishawa da yoyon hanci irin na waɗanda jikinsu ba ya jituwa da ƙura.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, matsalar ba a ramin kunnen da ake sa yatsa take ba. A bayan hanci take, inda wata 'yar hanya da ke kai iska cikin kunne ta kumbura ta ƙi buɗewa. Wanda ya gane wannan ya huta da ɗiga mai da sosa kunne da tsinke.

Yadda kunne yake shan iska

Ramin kunne da muke gani daga waje yana ƙarewa ne a kan wata fata siririya mai faɗin kusan santimita 1, wato dodon kunne. A bayanta akwai wani ɗan ɗaki cike da iska, wanda ake kira kunnen tsakiya, kuma a cikinsa ne ƙananan ƙasusuwa uku suke ɗaukar girgizar sauti su miƙa ta can ciki. Dodon kunne kamar fatar ganga yake. Ba ya kaɗawa da kyau sai idan iskar da ke gabansa da wadda ke bayansa sun yi daidai a nauyi.

Wannan ɗakin ba shi da taga sai ɗaya: wani bututu da ya taso daga cikinsa ya gangaro zuwa bayan hanci, sama da ganɗa. Likitoci suna kiransa bututun Yustaki, da sunan Bartolomeo Eustachi, wani masanin sassan jiki ɗan Italiya da ya yi bayaninsa a ƙarni na 16. Tsawonsa a jikin babba kusan santimita 3 da rabi ne. Kashi ɗaya cikin uku na wajen kunne ƙashi ne, sauran na wajen maƙogwaro kuma guringuntsi ne mai laushi, wanda a rufe yake zama. Ba ya buɗewa sai an haɗiye yawu, ko an yi hamma, ko ana tauna, lokacin da naman ganɗa yake jan bakinsa ya buɗe na ɗan lokacin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Wannan ɗan buɗewar ya isa iska ta shiga ta cike gurbi.

Dole ne a riƙa cike gurbin, domin fatar da ta shimfiɗe cikin kunnen tsakiya tana tsotse iskar da ke ciki a hankali, dare da rana. Mai lafiya ba ya lura, saboda yana haɗiye yawu sau da yawa a yini ba tare da ya sani ba. Wanda ya taɓa hawa mota daga Nkawkaw zuwa kan dutsen Kwahu, ko daga Akra zuwa Aburi, ya san yadda kunne yake ɗan toshewa sannan ya buɗe da haɗiya ɗaya. Aikin bututun ke nan.

Abin da mura take yi masa

Fatar da ke cikin hanci ita ce ta zarce har cikin bututun. Idan mura ta kama mutum, wannan fata tana kumbura, majina mai kauri kuma ta taru a bakin hanyar. Sai a haɗiye yawu amma bututun bai buɗe ba, ko ya buɗe rabi. Iskar da ke cikin kunnen tsakiya tana ci gaba da raguwa, sabuwa ba ta shiga, sai iskar waje ta danna dodon kunne ya lotsa ciki ya ɗaure. Daga nan ne nauyin kunne da raguwar ji suke zuwa. Ƙarar "fat" da ake ji jefi-jefi ita ce lokacin da bututun ya samu ya buɗe, iska ta kutsa, dodon kunne ya koma mazauninsa. Shi ya sa ji yake dawowa na 'yan mintoci sannan ya sake dushewa.

Idan toshewar ta daɗe, ɗakin yakan fara tara ruwa daga jikin fatarsa. Wannan ruwa ba daga wanka ko alwala ya shiga ba, domin dodon kunne mai lafiya ba ya barin ruwan waje ya wuce. Mai wannan hali yana jin motsin ruwa ko ƙarar kumfa idan ya juya kai. Idan kuma ƙwayoyin cuta suka samu shiga ruwan, sai ya zama ciwon kunne sosai, da zogi da zazzaɓi.

Ba mura kaɗai ke kawo wannan kumburi ba. Akwai waɗanda hancinsu ba ya jure ƙura, ko ƙurar tsofaffin katifu da darduma, ko gashin kyanwa, ko garin furanni. Alamarsu ita ce atishawa a jere, ƙaiƙayin hanci da ido, da majina fara kamar ruwa, ba zazzaɓi, kuma abin yana dawowa duk shekara ko duk lokacin shara. Hayaƙin taba da shisha, hayaƙin gawayi a ɗaki rufe, turaren wuta mai yawa da maganin sauro na ƙonawa duk suna ƙara hura wutar.

Yara sun fi manya shan wannan wahala. Bututun jariri bai wuce rabin na babba a tsawo ba, kuma kusan a kwance yake maimakon ya gangara, don haka majina tana saurin kai wa kunne. Sannan akwai wani nama a bayan hancin yara da kan girma ya tokare bakin bututun. Yaro ba ya cewa kunnensa ya toshe. Abin da za a gani shi ne ana kiransa ba ya amsawa, yana ƙara ƙarar talabijin, ko malamin makaranta ya ce ba ya mai da hankali. Kafin a ce taurin kai ne, a tuna ko ya yi mura a makonnin baya.

Yadda ake bambanta shi da wasu cututtukan kunne

Toshewar da mura ta kawo tana da hali sananne. Tana zuwa tare da murar ko bayanta da 'yan kwanaki, tana sauyawa idan an haɗiye yawu ko an yi hamma, wani lokaci ta sauka wani lokaci ta hau, kuma nauyi ne ya fi yawa a cikinta, ba zafi mai tsanani ba. Dattin kunne da ya cushe rami shi ma yana rage ji, amma ba ya sauyawa da haɗiya, kuma ya fi tsananta bayan wanka idan ya jiƙa ya kumbura. Ciwon ramin kunne na waje kuwa ana gane shi da zafi idan an ja leɓatun kunne ko an danna ɗan guringuntsin da ke bakinsa.

Akwai kuma kishiyar wannan matsala, inda bututun yake zama a buɗe. Mai ita yana jin numfashinsa da muryarsa suna amsa-kuwwa a kunne, yana samun sauƙi idan ya kwanta. Takan zo bayan rama mai yawa, ko lokacin juna biyu, ko ƙarancin ruwa a jiki. Maganin buɗe hanci ba ya yi mata amfani, yana iya ma ƙara ta.

Abin da ya fi kowanne haɗari shi ne mutuwar ji farat ɗaya daga jijiyar kunne. Mutum ya tashi da safe kunne ɗaya ba ya ji, sau da yawa da ƙara kamar ta kiran sauro ko jiri, sai ya ɗauka mura ce ya zauna jira. Wannan ba a jira da shi, domin maganinsa ya fi aiki a kwanakin farko, kuma bayan mako 2 damar dawowar ji tana raguwa ƙwarai. Akwai ɗan gwaji na gida da ke ba da haske: a rufe baki a yi gunji "mmm" a saurara. Idan sautin ya fi ƙarfi a kunnen da ya toshe, alama ce ta cewa hanyar sauti ce ta cushe, kamar a mura ko datti. Idan ya fi ƙarfi a kunnen mai lafiya, a tafi asibiti a ranar. Gwajin ba ya maye gurbin awon likita, amma yana hana mutum yaudarar kansa.

Abin da za a yi a gida

Mataki na farko shi ne a sa bututun ya yi aikinsa sau da yawa: haɗiye yawu, kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, taunar cingam, da hamma ko da ta ganganci ce. Idan wannan bai isa ba, akwai dabaru biyu. Ta farko, a toshe hanci da yatsu biyu, a rufe baki, a haɗiye yawu. Ta biyu, a toshe hanci, a rufe baki, a hura iska a hankali zuwa hanci kamar mai son hura balan-balan mai laushi, na daƙiƙa 2 ko 3, har a ji kunne ya ɗan buɗe. Wannan ta biyun tana ɗauke da sunan Antonio Valsalva, wani likitan Italiya da ya wallafa littafi kan kunne a 1704. Sharaɗinta shi ne sassauci. Idan ba ta buɗe ba, a bari sai an jima, kada a yi ta nishi da ƙarfi har ido ya yi ja, domin hakan na iya yi wa dodon kunne ko kunnen ciki rauni. A fyace hanci tukuna kafin a yi ta, kuma a bar ta idan akwai zafi mai tsanani ko ruwa na fita daga kunne.

Mataki na biyu shi ne gyara hanci, tun da can ne tushen. A tafasa ruwa rabin lita, wato daidai ledar ruwan sha ɗaya, a bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, a zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe. A zuba kaɗan a tafin hannu mai tsabta a shaƙa a hanci ɗaya kamar yadda ake yi a alwala, a bar shi ya zubo, sannan ɗaya hancin, sau 2 ko 3 a yini. A haɗa sabo kowace rana. Wajen fyacewa kuma, a toshe hanci ɗaya a fyace ɗayan a hankali, domin fyace duka biyun da ƙarfi yana tura majina cikin bututun. Sirace da ruwan zafi yana sa wasu jin sauƙin hanci na ɗan lokaci, amma ba a yi wa ƙananan yara saboda ƙuna.

Magungunan da ake saya a kemis iri uku ne, kowanne da iyakarsa. Maganin fesawa mai buɗe hanci nan take, irin su zailometazolin da oksimetazolin, yana rage kumburi cikin mintoci, amma kada a wuce kwana 3 ana amfani da shi. Wanda ya zarce, hancinsa yakan saba, ya riƙa toshewa fiye da da duk lokacin da maganin ya sake shi. Ƙwayoyin mura masu ɗauke da sudo'efedirin suna ɗaga hawan jini da bugun zuciya, don haka masu hawan jini, masu ciwon zuciya, masu juna biyu da dattawan da fitsari ke yi wa wuya su tambayi likita kafin su sha, kuma ba a ba ƙananan yara. Ga masu atishawar ƙura kuwa, abin da ya dace shi ne ƙwaya irin setirizin ko loratadin, da maganin fesawa na sitiroyid irin fulutikason. Wannan na ƙarshen ba ya aiki a rana ɗaya, sai an yi ta fesawa kullum mako 1 zuwa 2 kafin a ga cikakken amfaninsa, kuma hanci yake gyarawa, kunnen ya biyo baya. Wajen fesawa a ɗan sunkuyar da kai, a karkata bakin kwalbar zuwa gefen kunne, kada a nufi ƙashin tsakiyar hanci.

Abubuwan da ba sa aiki su ne duk abin da ake zubawa ta waje. Man zaitun, man kaɗanya, man habbatus sauda, ruwan albasa ko maganin ɗigawa na kunne duk a gaban dodon kunne suke tsayawa, matsalar kuwa tana bayansa. Idan ma akwai huda a dodon, suna iya shiga su jawo ciwo. Tsinken ashana, gashin kaza da auduga mai tsinke suna tura datti ciki ne kawai. Maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda wasu ke saya da kansu su sha kwana biyu su ajiye, ba ya buɗe bututu, kuma mura ba ta jin sa.

Misali: mai mura da tafiyar Umara a gabansa

A ɗauki wani tela mai shekara 45 a Aboabo, mai hawan jini, wanda mura ta kama saura kwana 10 ya tashi zuwa Umara. A rana ta uku kunnensa na dama ya toshe, yana yin "fat" idan ya haɗiye yawu, ba zazzaɓi, ba zogi. Ya yi gunji, sautin ya fi ƙarfi a kunnen da ya toshe. Wannan ya yi daidai da toshewar bututu, don haka ya fara da ruwan gishiri sau 3 a yini, cingam, da hura iska a hankali bayan kowace wankin hanci. Ƙwayar mura mai sudo'efedirin ba tasa ba ce saboda hawan jini. Maganin fesawa mai buɗe hanci ma sai ya tambayi likitansa, kuma ko an yarje masa, zai adana kwanakinsa 3 don ranar tafiya maimakon ya ƙarar da su tun yanzu.

Dalilin wannan tanadi shi ne abin da jirgi yake yi wa kunne. Iskar cikin jirgin sama idan ya lula tana daidai da ta kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400. Wajen tashi, iskar cikin kunne tana faɗaɗa ta tura kanta waje, ba wuya. Wajen sauka ne ake shan wahala, domin iskar waje tana ƙara nauyi, dole sai bututun ya buɗe ya shigar da sabuwa. Idan aka bari bambancin ya yi yawa, nauyin da kansa yana matse bakin bututun ya kulle shi, haɗiya ta daina aiki. Sakamakon shi ne zafi kamar ana soka ƙusa, taruwar ruwa ko jini a bayan dodon kunne, wani lokaci har fashewarsa.

Saura kwana 2 tafiya sai telan ya gwada kansa a ƙasa: ya toshe hanci ya hura a hankali. Idan kunnuwa biyu sun buɗe, ko da na daman yana ɗan jinkiri, zai iya tafiya da shiri. Zai fesa maganin kamar minti 30 zuwa awa 1 kafin jirgi ya fara gangarowa, gangarowar kuma takan fara ne kusan rabin awa kafin a taɓa ƙasa. Zai roƙi na kusa da shi ya tashe shi, domin mai barci ba ya haɗiye yawu sosai. Daga fara sauka zai riƙa kurɓar ruwa da buɗe kunne duk bayan minti ɗaya ko biyu, tun kafin ya ji nauyi. Idan akwai sauya jirgi a hanya, sauka biyu ke nan, kowacce da nata shirin. Amma idan a gwajin ƙasa kunnen ya ƙi buɗewa sam, ko zogi da zazzaɓi sun shigo, sai ya ga likita kafin ranar, a duba dodon kunnen a yanke shawarar ko ɗaga tafiyar ya fi. Wannan ƙa'ida ɗaya ce ga alhazai masu tashi daga Tamale ko Akra, musamman a dawowa, lokacin da da yawa suke ɗauke da mura da tari. Jarirai kuma a ba su nono ko ruwa su riƙa tsotsa lokacin sauka.

Yaushe ake zuwa asibiti

Toshewar da mura ta kawo takan warware cikin 'yan kwanaki zuwa mako 2, ko da yake kunne yakan yi jinkiri bayan hanci ya buɗe. Idan ruwa ya taru, yana iya ɗaukar makonni, kuma a yawancin yara yana bushewa da kansa cikin wata 3.

A je a ranar idan ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne ɗaya, ko akwai jiri mai juya ɗaki da amai, ko gefen fuska ya saki, ko bayan kunne ya kumbura ya yi ja, ko zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya. A je cikin kwana ɗaya ko biyu idan zogi ya hana barci, ko mugunya ko jini na fita, musamman ga mai ciwon sukari da ƙaramin yaro. A nemi ganin likitan kunne, hanci da maƙogwaro idan toshewar ta haura mako 3 ba sauƙi. Babban mutum da kunnensa ɗaya tak ya daɗe a toshe, balle in akwai haɓo, toshewar hanci gefe ɗaya ko ƙullutu a wuya, lallai ne a leƙa bayan hancinsa da na'ura, domin wani lokaci tsiro ne ya tokare bakin bututun.

A asibiti za a haska kunne a ga ko dodon ya lotsa ko akwai ruwa a bayansa, a auna motsinsa da wata 'yar na'ura da ake sa wa a bakin rami, a kuma yi awon ji. Babu zafi a ko ɗaya. Idan ruwa ya ƙi bushewa bayan watanni kuma yana hana ji, akan yi ɗan tsagi a dodon kunne a sa ƙaramin bututu da zai shigar da iska ta waje, wanda yakan faɗo da kansa bayan wata 6 zuwa 12. A Gana akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa na Korle Bu a Akra, Komfo Anokye a Kumasi da na Tamale, amma a fara da asibitin da ke kusa, su duba su ba da takardar turawa idan ta kama. Mai zuwa ya riƙe kwalayen duk magungunan da ya sha ko ya fesa, ya kuma tuna ranar da kunnen ya fara toshewa, domin tambayar farko da za a yi masa ke nan.